Yadda Ake Duba Karo da Rata Tsakanin Sassan Inji Masu Motsi Kafin a Kai Zane Wurin Ƙera

Zanen inji a kwamfuta yana nuna sassa a wuri guda ne, wato wurin da mai zane ya ajiye su, alhali injin da za a ƙera zai ratsa kowane wuri da zagayensa ya kai shi. Saboda haka mafi yawan karon da ke lalata aiki ba ya bayyana a zanen da ke tsaye, sai an juya sassan an bi su digiri bayan digiri. A nan zan bi aikin daga farko har ƙarshe da misali ɗaya, injin tankaɗen acca irin wanda ake ba maƙeran Jos su haɗa. A wannan inji mota tana juya shaf ta hanyar bel da fuli, shaf yana juya wani gajeren hannu, hannun kuma yana tura rariya gaba da baya ta hanyar sandar haɗi. Zan yi amfani da manhajar SolidWorks, kuma sunayen maɓallanta zan rubuta su yadda suke fitowa a allo.

Kalmomi biyu za su riƙa dawowa. Karo shi ne sassa biyu su nemi zama a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Rata kuwa ita ce mafi ƙanƙantar tazarar da ke tsakaninsu a duk tsawon motsin, kuma ita ce ta fi wuyar dubawa, domin manhaja za ta iya cewa babu karo alhali ratar da ta rage rabin milimita ce, wadda walda ɗaya za ta cinye.

Kayan aiki

Ana buƙatar kwamfuta mai SolidWorks, da cikakken haɗin injin a ciki, ba guntu ba. Ana buƙatar baniya, wato ma'aunin kauri da faɗi, da tef ɗin awo, da na'urar lissafi mai `sin` da `cos`, da takarda ta rubuta sakamako. Abu mafi muhimmanci shi ne sassan da za a saya a kasuwa su kasance a hannu tun kafin a fara: gidan boris, boris, noti, washa da fuli. A auna su da baniya a gyara zane ya dace da abin da ke hannu, domin gidan boris mai lamba iri ɗaya daga kamfanoni biyu yakan bambanta a kaurin jiki da wurin da aka sa bakin zuba giris, ko da ramin shaf da tsayin tsakiya sun zo ɗaya.

Ma'aunan injinmu su ne waɗannan. Shaf mai kaurin milimita 25 yana zaune a kan gidan boris UCP205 guda biyu, waɗanda aka ɗaure a kan ƙarfen angul na firam. Daga tsakiyar shaf zuwa tsakiyar fil ɗin hannun juyi milimita 40 ne, kuma bakin hannun ya zarce fil ɗin da milimita 15. Fil ɗin sukuru ne M12 mai noti a bayan hannu. Sandar haɗi tana da tsawon milimita 160 daga ido zuwa ido, kuma a idonta na wajen hannu akwai boris 6201 a cikin zobe mai faɗin milimita 45. Shaf zai yi juyi 240 a minti.

1. Ka cika zanen da duk abin da zai kasance a jikin injin gaske

Manhaja tana duba abin da aka zana ne kawai. Masu koyo sukan bar noti da washa da kan sukuru da bakin giris da murfin kariya, a ganinsu ƙananan abubuwa ne da mai walda zai sa da kansa, alhali su ne suka fi yawan karo domin su ne suke fitowa waje daga jikin sassa. Ka zana notin M12 da tsayinsa na gaske, kusan milimita 10.8, da washarsa ta milimita 2.5, da wutsiyar fil da ta leƙo bayan noti. Ba sai ka zana zaren sukuru ba, `Cosmetic Thread` ya isa, amma tsayi da faɗi dole su zama daidai. Inda za a yi walda a kusurwar ciki kusa da abin da ke motsi, ka zana tudun waldar ko da a matsayin ɗan tsinin milimita 5, domin a injin gaske wannan kusurwa ba a fili take ba.

Ka kuma duba jerin sassa a gefen hagu ka tabbata babu wanda yake `Suppressed`, domin irin wannan ba ya shiga lissafi ko kaɗan.

2. Ka ɗaure sassan yadda za su motsa kamar na gaske

Firam shi ne zai tsaya cak, kuma za ka ga `(f)` a gaban sunansa. Shaf yana samun ɗaurin `Concentric` da boris, wato tsakiyarsu ta zama ɗaya, da kuma `Coincident` ko `Distance` da zai hana shi zamewa ta tsawonsa, sai ya rage masa juyi kaɗai. Hannu yana ɗaure da shaf ta wurin maɓallin ƙarfe, don haka su juya tare. Sandar haɗi tana samun `Concentric` a kowane ido. Rariya kuwa a bar mata hanya ɗaya, gaba da baya a kan layinta.

Gwajin wannan mataki mai sauƙi ne. Ka kama hannun da linzamin kwamfuta ka ja shi. Idan komai ya bi shi, rariya ta je ta dawo, babu abin da ya karkace ko ya tashi sama, to ɗaurin ya yi. Sassan da ke motsi za su nuna `(-)` a gaban sunansu, kuma haka ake so a nan. Idan ka ga `(+)` to ka ɗaure wani abu fiye da kima, sai ka cire ɗaurin da ya maimaita wani ko ya saɓa masa. Idan hannun ya ƙi juyawa gaba ɗaya, sau da yawa dalili ɗaya ne cikin biyu: ko an kunna `Lock rotation` a cikin wani `Concentric`, ko kuma hannu da sanda suna cikin ƙaramin haɗi wanda manhaja take ɗauka a matsayin dunƙule ɗaya. Maganin na biyun shi ne a danna ƙaramin haɗin a mayar da shi `Flexible`.

3. Duba karo a tsaye, da tantance na gaske daga na ƙarya

A shafin `Evaluate` ka buɗe `Interference Detection`, ka bar dukan haɗin a zaɓe, ka kunna `Make interfering parts transparent` da `Create fasteners folder`, sannan ka danna `Calculate`. Kowane karo zai fito da sunan sassa biyun da girman wurin da suka shiga juna, kuma wurin zai yi ja a allo. Kada ka kunna `Treat coincidence as interference` a karon farko, domin zai lissafa duk fuskokin da suke taɓa juna kawai, kamar gindin gidan boris da firam, jerin ya cika da abin da ba matsala ba.

Ba kowane ja ne laifi ba. Sukuru M12 da ke shiga rami mai zare zai nuna karo kullum, saboda an zana ramin da faɗin milimita 10.2, wato faɗin da ake hudawa kafin a yanka zare, sukurun kuma milimita 12. Haka nan boris da za a buga da ƙarfi a cikin zobensa, idan an zana zoben da ɗan matsi da gangan. Waɗannan ana danna musu `Ignore`. Amma a yi hakan ɗaya bayan ɗaya bayan an kalli kowanne, domin wanda ya zaɓi dukan jakar noti ya yi watsi da ita a dunƙule zai binne sukurun da ya yi tsayi har ya taɓa bayan rami, ko ramin da bai zo daidai da na abokinsa ba. Ramin da M12 zai ratsa kawai yana buƙatar faɗin milimita 13.5, kuma idan ya nuna karo to tsakiyar ramukan biyu ce ta saɓa.

A injinmu, da yake an zana hannun a kwance yana fuskantar rariya, wannan mataki ya fito fes, babu karo ko ɗaya na gaske. A nan mutane da yawa suke tsayawa su buga zane, kuma shi ya sa ake ganin sabon inji da tabon garanda a jikin firam.

4. Ka yi lissafin zagaye da hannu kafin ka kunna motsi

Lissafi kaɗan yana gaya maka inda za ka sa ido, kuma yana ba ka abin da za ka gwada sakamakon manhaja da shi. A irin wannan inji wurare huɗu ne suka fi muhimmanci. Mu kira inda fil ya fi kusa da rariya digiri 0. A nan idon sanda na wajen rariya yana nesa da tsakiyar shaf da 160 + 40, wato milimita 200. A digiri 180 yana nesa da 160 − 40, wato milimita 120. Tafiyar rariya ke nan milimita 80, ninki biyu na tsawon hannu. A digiri 90 da 270 kuma sanda tana kaiwa iyakar karkatarta, inda `r` tsawon hannu ne, `L` kuma tsawon sanda:

```
sin(a) = r / L = 40 / 160 = 0.25
a = 14.5°
```

Duk wani ƙarfen firam da ya gitta sama ko ƙarƙashin sanda, a wannan karkata ta digiri 14.5 za a auna shi.

Sai kuma da'irar da kowane abu yake sharewa. Bakin hannu yana kaiwa 40 + 15, milimita 55 daga tsakiyar shaf. Zoben idon sanda ya fi shi nisa, 40 + 22.5, milimita 62.5. Tsayin tsakiyar UCP205 daga gindinsa kuwa milimita 36.5 ne kacal. Wannan yana nufin duk lokacin da hannu ya sauko ƙasa zai zarce fuskar da gidan boris yake zaune a kai da milimita 18.5, kuma idan ƙarfen firam ya miƙo ƙarƙashin hannun, dole su yi karo. Har ma ana iya sanin inda karon zai fara:

```
40 * sin(b) + 15 = 36.5
b = 32.5°
```

Da zarar hannu ya sauka digiri 32.5 ƙasa da kwance zai taɓa firam, kuma zai ci gaba da kasancewa a cikinsa na tsawon digiri 115. Zanen da ke tsaye bai nuna wannan ba saboda an ajiye hannun a cikin sauran digiri 245 da babu matsala.

5. Ka juya da hannu tare da mai gano karo

A shafin `Assembly` ka buɗe `Move Component`, ka zaɓi `Collision Detection`, ka kunna `Stop at collision` da `Highlight faces`. A ƙarƙashin zaɓin sassa ka ɗauki `These components` ka zaɓi hannu, sanda, fil da notinsa, firam, gidan boris da murfi. Idan ka bar `All components`, karon ƙarya na sukuru da ramukansu zai hana motsi tun daga farko. Sai ka ja hannun a hankali. Zai tsaya inda ya taɓa wani abu, fuskokin biyu su haskaka. Idan ya tsaya kusa da digiri 32.5, lissafi da zane sun yarda da juna. Idan ya tsaya a wani wuri dabam, to ka gano wani karon da ba ka yi tsammani ba, ko kuma wani ma'auni a zane bai dace da na takarda ba, kuma dole a san wanne ne kafin a ci gaba.

A ja a hankali ƙwarai. Manhaja tana duba wuraren da linzami ya sauke sashe ne, kuma jan gaggawa yana iya tsallake siririn ƙarfe ba tare da an ji komai ba.

Gyaran karon farko shi ne a fitar da hannu waje da bakin firam, ya riƙa juyawa a fili. Da aka yi haka aka sake juyawa, karo na biyu ya bayyana. Shaf ya leƙo gaban hannu da milimita 5, tsakanin hannu da sanda kuwa zoben tazara na milimita 3 ne kawai. A wajen digiri 180 fil yana can bayan shaf, don haka sanda dole ta ratsa ta gaban bakin shaf kafin ta kai ga rariya, sai ta buge shi da milimita 2. Da sanda mai faɗin milimita 25 wannan karo yana ɗaukar daga kusan digiri 130 zuwa 230. Maganinsa a yanke shaf ya yi daidai da fuskar hannu, kuma idan za a sa sukuru a bakin shaf, a binne kansa. Ƙara kaurin zoben tazara ma yana kawar da karon, amma ba na son wannan hanya, domin tana nesanta sanda daga hannu, ƙarfin lanƙwasa a kan fil ya ƙaru.

6. Nazarin motsi da mota

Ja da linzami ba ya bin zagaye daidai wa daida, don haka ana buƙatar mota ta manhaja. A ƙasan allo ka danna `Motion Study 1`. Akwai nau'i uku. `Animation` yana motsa sassa bisa ɗaurin da ka yi, bai san nauyi ko ƙarfi ba. `Basic Motion` yana ƙara nauyi da taɓa juna a kimance. `Motion Analysis` shi ne mai cikakken lissafin gudu da ƙarfi, amma sai an kunna `SOLIDWORKS Motion` a `Add-Ins`, kuma ba kowane lasisi yake ɗauke da shi ba. Domin neman karo a inji mai hanyar motsi ɗaya irin namu, `Animation` ya wadatar.

Ka danna `Motor`, ka zaɓi `Rotary Motor`, ka taɓa jikin shaf, ka bar `Constant Speed`. A nan ne kuskuren da ya fi ɓoyuwa yake. Mai koyo yakan rubuta gudun gaske, 240 `RPM`. Manhaja ba ta ganin motsi a miƙe, hotuna take ɗauka a jere, kuma a waɗannan hotuna kawai take neman karo. Juyi 240 a minti juyi 4 ne a daƙiƙa, wato digiri 1440, kuma idan ana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa:

```
1440 / 25 = 57.6° (240 RPM, 25 fps)
60 / 30 = 2° (10 RPM, 30 fps)
```

Tsakanin hoto da hoto hannun ya yi tsallen digiri 57.6. Ga abin da hakan ke jawowa a injinmu. Murfin kariya yana ɗaure da sukuru wanda wutsiyarsa ta leƙo ciki har zuwa milimita 61.5 daga tsakiyar shaf, zoben idon sanda kuma yana kaiwa 62.5. Shigar milimita ɗaya ce, kuma tana faruwa a cikin kusan digiri 15 kacal na zagaye. Da tsallen digiri 57.6, zagaye ɗaya yana iya wucewa ba tare da hoto ko ɗaya ya faɗa cikin waɗannan digiri 15 ba, manhaja ta ce lafiya lau, injin gaske kuma ya riƙa yin ƙwas sau huɗu a kowace daƙiƙa har sukurun ya karye ko zoben ya ci.

Saboda haka ka sa motar a 10 `RPM`, ka ja tsawon nazarin zuwa daƙiƙa 6 domin ya cika zagaye ɗaya, ka shiga `Motion Study Properties` ka sa `Frames per second` a 30. Yanzu kowane hoto digiri 2 ne. Rage gudu ba ya canza hanyar da sassa suke bi a irin wannan inji, domin ɗaurinsu ne yake tilasta musu hanya. Ka danna `Calculate` ka jira ya gama. Daga nan ka danna sunan haɗin da maɓallin dama a jerin nazarin motsi, ka zaɓi `Check Interference`, ka zaɓi sassan da za a gwada, ka bar `Increment` a 1, ka danna `Find Now`. Jerin zai nuna lambar hoto da lokaci da sassan da suka yi karo. Idan ka ninka lokacin da 60 za ka sami digirin da abin ya faru. Ka adana aikinka kafin wannan lissafi, domin yana ɗaukar lokaci a ƙaramar kwamfuta, wuta kuma ba ta sallama kafin ta tafi.

Wanda yake da `Motion Analysis` zai iya zuwa `Results and Plots` ya zaɓi `Trace Path` a kan gefen zoben sanda, manhaja ta zana masa layin da wurin ya bi, kuma da wannan layi ake fitar da siffar murfi.

7. Daga babu karo zuwa isasshiyar rata

Bayan an kawar da karo sai a auna abin da ya rage. `Clearance Verification` a shafin `Evaluate` yana karɓar mafi ƙanƙantar ratar da ka yarda da ita a `Minimum acceptable clearance`, ya lissafa duk inda aka gaza ta, amma a wurin da sassa suke tsaye kawai, don haka sai ka maimaita shi a digiri 0, 90, 180 da 270 da duk inda mataki na shida ya nuna kusanci. `Dynamic Clearance` a cikin `Move Component` yana nuna ratar sassa biyu tana canzawa yayin da kake ja, tare da mafi ƙanƙantar da aka kai.

Sanin ratar da ta isa ya dogara ga yadda za a ƙera injin, kuma notin da ke bayan hannu misali ne mai kyau. Yana zagayawa a tsakanin bayan hannu da bakin firam, kuma da yake yana kaiwa kusan milimita 51 daga tsakiya, shi ma yana ratsa gaban ƙarfen angul a kowane juyi. Noti 10.8, washa 2.5, wutsiyar fil zare biyu 3.5, jimla milimita 16.8. An bar milimita 20 tsakanin hannu da firam, rata ke nan 3.2, manhaja kuma ta gamsu. Amma firam ɗin da aka yanka da garanda aka yi masa walda da hannu ba ya fitowa yadda aka zana. A nawa lissafin nakan ware milimita 2 domin jan walda, milimita 1 domin saɓanin wurin huda ramuka, da milimita 1 domin inda za a ɗaure hannu a kan shaf. Idan duka suka karkata gefe ɗaya, milimita 4 ke nan, sun fi 3.2, noti zai goge firam. Da aka mayar da tazarar 25, rata ta zama 8.2 a zane, 4.2 a mafi munin hali. Kada a wuce gona da iri, domin kowace milimita da aka ƙara tana nesanta nauyin daga boris, shaf ya ƙara lanƙwasa. Idan wuri ya yi ƙunci, a yanka zare a jikin hannun kansa a rabu da notin baya, muddin an tanadi abin da zai hana fil kwancewa.

Waɗannan adadi nawa ne na aikin walda. Sassan da aka sassaƙa a injin juya ƙarfe suna riƙe awo fiye da haka nesa ba kusa ba, shi ya sa zoben tazara na milimita 3 ya wadatar tsakanin hannu da sanda. Hanya mafi kyau ita ce ka je wurin wanda zai yi aikin, ko a Dilimi da ke Jos ne ko a wani wuri, ka auna firam biyu ko uku da ya gama da tef, ka ga yadda kusurwoyinsa suke fitowa, ka gina lissafinka a kan hannunsa.

Akwai kuma abin da manhaja ba ta gani saboda tana ɗaukar kowane ƙarfe a matsayin wanda ba ya lanƙwasa. A gudun gaske, idan `w` saurin juyin shaf ne, hanzarin rariya a digiri 0 shi ne:

```
w = 240 * 2 * pi / 60 = 25.1 rad/s
a = r * w^2 * (1 + r/L) = 0.04 * 632 * 1.25 = 31.6 m/s^2
```

Rariya da acca mai nauyin kilo 15 za ta ja da ƙarfin kusan niyutan 470 a kowane juyi, fiye da ninki uku na nauyinta. Firam mara tokari zai yi rawa, boris zai saki da tsufa, ƙura da dusar acca za su taru a kusurwoyi. A ƙarshen tafiyar rariya, saboda haka, rata ta 'yan milimita ba ta isa ba. Wurin ma yana da wani haɗari dabam, domin mai zuba acca yana aiki da hannu kusa da shi. Ƙa'idar ISO 13854, wadda ta shafi kare mutum daga inji, ta sa mafi ƙanƙantar ratar da ba za ta matse yatsa ba a milimita 25, ta tafin hannu kuma 100. Inda ba za a iya barin wannan ba, a rufe wurin da murfi, sannan a mayar da murfin cikin zane a sake duba shi.

Idan babu SolidWorks

A manhajar Inventor ana samun `Analyze Interference`, kuma `Drive` a kan ɗauri yana juya sashe mataki-mataki tare da `Collision Detection`. A Fusion akwai `Interference` a ƙarƙashin `Inspect`, da `Drive Joints` da `Contact Sets`. FreeCAD kyauta ne, kuma tun fitowar 1.0 a 2024 yana zuwa da nasa `Assembly`. A cikinsa za a iya ajiye hannu a digirin da ake so a yi `Intersection` tsakanin sassa biyu, duk abin da ya rage shi ne karon.

Idan babu kwamfuta ma, a zana fuskar injin da girmansa na gaske a kan falanki, a buga da'irori na milimita 51, 55 da 62.5 da kamfas daga tsakiyar shaf, a yanka hannu da sanda daga kwali mai kauri a haɗa su da ƙusa a juya. Wannan yana nuna abin da ke kan hanyar kowane sashe, amma ba ya nuna zurfi, sai an yi zane na biyu daga sama wanda zai jera kaurin kowane abu daga bakin firam: noti, hannu, zoben tazara, sanda, kan fil, murfi. Karon bakin shaf da na notin baya a wannan zane na biyu suke bayyana.

8. Maimaitawa da abin da za a rubuta a zane

Kowane gyara yana iya haifar da sabon karo, kamar yadda fitar da hannu waje ya tura sanda kusa da murfi. Bayan kowane canji a koma mataki na uku, na shida da na bakwai, ba a kan sashen da aka taɓa kaɗai ba. A ƙarshe a duba wurin sifana: notin gidan boris yana buƙatar fili da za a sa sifana a juya, bel kuma yana buƙatar hanyar fita ba tare da an kwance shaf ba. Idan mota tana zamewa a kan dogon rami domin ɗaure bel, a gwada ta a bakin ramin duka biyu.

Ratar da ka sha wuya a kanta dole ta fito a zane da adadi, in ba haka ba mai haɗawa ba zai san tana da muhimmanci ba. A rubuta cewa tsakanin bayan hannu da bakin firam milimita 25 ne kuma kada ya gaza 23, bakin shaf kada ya wuce fuskar hannu, sukurun murfi kuma kansa ya kasance a ciki wutsiyarsa a waje. A ƙasa a ƙara umarni cewa bayan haɗawa, kafin a sa bel, a juya fuli da hannu zagaye biyu cikakku ana saurare, a kuma auna ratar noti da firam da baniya a lokacin da hannu yake kallon ƙasa.